Tsakanin kirari da takardar neman aiki: yadda ake gabatar da ma'aikacin ƙungiyar agaji

Duk wanda ya taɓa buɗe rahoton shekara na wata ƙungiya mai zaman kanta ya san sashen nan da ake jera hotunan ma'aikata, kowane hoto da 'yan layuka a ƙarƙashinsa. Sashe ne da akan bari sai daren da za a kai rahoto maɗaba'a, sannan a ce kowa ya turo ɗan bayani a kan kansa. Abin da ke dawowa kashi biyu ne. Wasu sukan kwaso takardar neman aikinsu su datse ta, sai ta fito a bushe: makaranta kaza, shaida kaza, muƙami kaza. Wasu kuwa sukan ɗauko salon mai gabatarwa a wurin taro, su cika layukan da "jajirtacciya", "haziƙa", "uwar marayu", "mai kishin al'umma". Na farko ba ya jawo kowa kusa, na biyu kuma ba ya sa kowa ya yarda.

Kuskuren da ke haifar da duka biyun ɗaya ne. Ana ɗaukar cewa sakin fuska a rubutu da kamun kai na sana'a kishiyoyi ne, in an ƙara wannan dole a rage wancan. Alhali kuwa dukansu daga wuri ɗaya suke fitowa, wato daga faɗin ainihin abin da mutum yake yi da hannunsa. Siffofin yabo ba sa kawo kusanci, tarin takardun shaida kuma ba ya isa ya kawo amana.

Mutum uku ne suka fi karanta irin wannan bayani, kuma kowanne da tambayarsa. Jami'in hukumar da ke ba da tallafi yana so ya san ko wannan ma'aikaciya za ta iya riƙe aikin da za a zuba wa kuɗi. Dagaci ko shugaban ƙungiyar unguwa yana so ya san wace ce za ta riƙa shiga gidajen mutanensa. Ɗan jarida kuma yana neman wanda zai kira idan yana buƙatar bayani a kan tamowa ko rijiyar burtsatse. Babu ɗaya daga cikinsu da kalmar "jajirtacciya" za ta amsa wa tambaya, domin kalma ce da za a iya liƙa wa kowa a ofis, daga shugaba har mai gadi.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciya, a kira ta Malama Wance, wadda ke kula da shirin yaƙi da tamowa a wata ƙaramar ƙungiya. Ga abin da ta turo da farko: "Malama Wance tana da shaidar ma'aikaciyar lafiyar al'umma. Ta halarci tarurrukan ƙara wa juna sani da dama. Ita ce jami'ar abinci mai gina jiki, kuma tana da gogewa ta shekara 7." Babu ƙarya a ciki, amma babu mutum a ciki. Da shugabanta ya ce a sa masa rai, sai wani abokin aiki ya mayar da shi haka: "Hajiya Wance mace ce mai tausayi da sadaukarwa, wadda ta ba da rayuwarta domin share hawayen bayin Allah marasa galihu." A nan an rasa har ɗan abin da rubutun farko yake da shi. Mai ba da tallafi bai san aikinta ba, ita kanta kuma in ta karanta sai kunya ta kama ta, don Bahaushe ya ce yabon kai jahilci ne, kuma kowa ya san irin wannan bayani da sanin mai shi ake buga shi.

Gyaran ba a kan tebur yake farawa ba. Mai rubutu ya zauna da ita na minti goma ya yi mata tambayoyi uku: me take yi a ranar aiki, me ta iya wanda sabon ma'aikaci bai iya ba, kuma me ya kawo ta wannan fanni. Daga amsoshinta za a iya samun wani abu kamar haka: "Malama Wance ce ke jagorantar shirinmu na yaƙi da tamowa. Tana horar da iyaye mata su auna dantsen 'ya'yansu da tsinken awo mai launi uku, don su gane yaron da ke buƙatar asibiti tun kafin ya galabaita. Ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, kuma ta yi shekara 7 a ƙananan asibitocin karkara kafin ta zo nan. Tana jin Hausa da Fulatanci. A can ne ta lura cewa yawancin yaran da ake kawo mata sun zo a makare, shi ya sa ta koma aikin da ake yi a cikin gidaje."

Yana da kyau a duba abin da ya sauya. Babu siffar yabo ko ɗaya, amma mai karatu ya ga tausayin da rubutu na biyu ya yi ta shelanta, domin ya gan ta zaune da uwa tana nuna mata yadda ake naɗa abin awo a hannun yaro. Wanda ya san fannin kuma ya gane cewa ta san aikinta. Wannan awo na tsakiyar dantse shi ne ma'aunin da ake amfani da shi ga yara 'yan wata 6 zuwa 59, kuma idan ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa cikin ja, yaron yana cikin tamowa mai tsanani. Jimla ɗaya ta gamsar da dagaci da jami'in tallafi a lokaci guda. Tsarin ma yana da dalili: aikin yanzu ne a gaba, don shi mai karatu ya zo nema, shaida da gogewa suka biyo baya a matsayin hujja, dalilin shiga aikin ya zo ƙarshe, a jimla ɗaya tak. Idan dalilin ya kai jimla uku, ya fara zama labarin rayuwa, kuma ba wurinsa ba ke nan. Kalmomi 80 zuwa 100 sun wadatar.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna ko jimla ta cancanci zama. A cire sunan ma'aikaciyar a sa na wani abokin aikinta. Idan jimlar ta ci gaba da zama gaskiya, ba ta faɗi komai a kanta ba, sai a goge ta. "Tana da kishin taimakon jama'a" ba za ta tsallake wannan gwaji ba. "Tana jin Hausa da Fulatanci" za ta tsallake, kuma tana da amfani ga uwar da ba ta jin wani harshe sai Fulatanci.

Inda aka fi zamewa shi ne a jimlar ƙarshe. An saba ganin ƙungiyoyin ƙasashen Turai da Amurka suna rufe bayanin ma'aikaci da sunan unguwarsa, da yawan 'ya'yansa, da abin da yake yi a ƙarshen mako. Kwaikwayon wannan ido rufe yana da haɗari a wuraren da aikin agaji kansa ke jawo barazana. A watan Maris na 2018 aka sace ma'aikatan lafiya mata a garin Rann na jihar Borno, kuma biyu daga cikinsu, ungozomomi masu aiki da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa, aka kashe su kafin shekarar ta ƙare. Ba bayanin ma'aikata ne ya jawo wannan ba, amma ya isa ya tuna wa kowace ƙungiya cewa ma'aikacin agaji abin hari ne a wasu yankuna. Saboda haka bai kamata a haɗa hoto da cikakken suna da sunan ƙauyen da mutum ke zuwa duk ranar kasuwa a wuri ɗaya ba. Sunan jiha ya isa, wani lokaci ma sai a bar hoton. Ga kuma doka: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya da addini da ƙabila cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman. Ma'aikacin da ya shiga aikin sikila domin shi ma yana ɗauke da ita yana iya son a faɗa, yana iya ƙi. Shi ke da wannan zaɓi, kuma ya kamata ya ga rubutun ƙarshe ya amince kafin a buga.

Haka nan akwai mutuncin waɗanda ake yi wa aiki. Rubutu na biyu ya ɗaga Malama Wance ne ta hanyar ƙasƙantar da wasu, ya kira su marasa galihu masu hawaye. Na uku ya nuna iyaye mata suna koyon awo, suna yanke shawarar kai yaro asibiti. Su ma suna iya jin abin da aka rubuta, ko ɗansu ɗan sakandare ya karanta musu.

Wani zai ce wannan salo bai dace da al'adar da ke girmama mutum da laƙabinsa ba, kuma cire "Hajiya" ko "Alhaji" raini ne. Akwai gaskiya a nan, kuma babu dalilin tuɓe wa dattijuwa laƙabin da kowa ke kiran ta da shi don kawai a yi kama da ƙungiyoyin waje. Matsalar tana tasowa ne idan laƙabi ya zama ma'aunin daraja a cikin jerin: shugaba ya sami laƙabi uku da sakin layi huɗu, direba ya sami suna da kalma ɗaya. Ƙungiya ta tsayar da ƙa'ida guda, laƙabi ɗaya ga kowa, wanda mutum ya zaɓa da kansa, da tsawo kusan ɗaya. "Dokta" ne kawai ke buƙatar ƙarin hattara. A ƙungiyar da ke aikin lafiya, mai karatu zai ɗauka likita ne, don haka idan digirin na ilmin zamantakewa ne ko na girmamawa, sai a bayyana fannin ko a bar laƙabin.

Direban ma, in aka yi masa tambayoyin nan uku, za a sami abin rubutawa. Shi ne ya san hanyar da ke yankewa da damina da wadda ake bi a madadinta, kuma shi ke tabbatar da cewa katan-katan na abincin gyaɗa da ake ba yara masu tamowa sun isa kafin ranar awo. Jimla biyu a kan wannan, da shekarun da ya yi yana tuƙi a yankin, sun cika nasa bayanin.