Kurma, Bebe, Kuturu: Me Za a Taɓa Idan Ana Gyaran Tsohuwar Maƙala?

Duk editan da ya tashi sake buga wata tsohuwar maƙala game da masu nakasa yakan tarar da kalmomin da ba zai so a gan su ƙarƙashin sunan jaridarsa a yau ba. Abin da aka fi yi shi ne a danna Ctrl+H, a share duk inda aka ce gurgu ko makaho ko kuturu, a maye gurbinsa da "mai buƙata ta musamman". Niyyar mai kyau ce, amma a ganina aikin yakan ɓata fiye da yadda yake gyarawa, domin kalmomin nan ba laifi ɗaya suka yi ba. Wata ƙarya take faɗa, wata raini take ɗauke da shi, wata kuma ba ta da laifin komai, kunyar edita ce kawai ta hau kanta.

Bari mu gwada da sakin layi ɗaya. Ni na haɗa shi domin misali, a kan salon rahotannin da aka saba rubutawa shekarun baya game da Kudancin Katsina:

"Ranar kasuwar Funtuwa nakasassu kan cika bakin tasha, kutare da guragu da makafi, kowa da ƙoƙon bararsa. Sarkin Makafi ya ce, 'Mu makafi ba a tunawa da mu sai da azumi.' A Malumfashi kuwa gwamnati ta buɗe wa bebaye makaranta, domin waɗannan bayin Allah abin tausayi su ma su samu na kansu."

Kalmar da ta fi cancantar a fara da ita ita ce "kutare", saboda matsalarta ta wuce ta ladabi. Kuturta cuta ce da ƙwayar bakteriya ke haddasawa, wadda likitan Norway Gerhard Hansen ya gano a 1873. Tana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa hannu da ƙafa, sai mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, ciwon ya ci, sannu a hankali yatsu su gutsure. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna wajen magance ta, ana sha wata shida ko wata goma sha biyu gwargwadon nau'inta, kuma tun 1995 kyauta ake ba da maganin. Wanda ya fara sha yakan daina yaɗa cutar, wanda ya kammala kuma ya warke. Sai dai yatsun da suka tafi ba sa dawowa. Ke nan dattijon da ake gani da dungu a bakin tasha, mai yiwuwa ne ya rabu da cutar tun shekaru talatin da suka wuce, ko a asibitin Babbar Ruga da ke kusa da Katsina ko a wani wurin. Idan aka kira shi kuturu, an gaya wa mai karatu cewa har yanzu yana ɗauke da abin da za a gudu, kuma wannan zaton ne ke hana a ci abinci kwano ɗaya da shi, har ya hana a nemi auren 'yarsa. Dalilin da ya sa ke nan ƙa'idojin da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a 2010 suka nemi a daina amfani da takwarar wannan kalma ta Turanci a takardun hukuma.

To, me za a sa? Idan maƙalar ta nuna sun sha magani, sai a ce "waɗanda suka warke daga cutar kuturta". Idan ba ta nuna ba, edita ba shi da hurumin warkar da su da alƙalami, sai ya ce "waɗanda cutar kuturta ta shafa". Akwai kuma wani tarko da ya kamata ɗan wannan yanki ya sani. A ƙasar noma irin ta Funtuwa da Bakori da Ƙafur, ba kowane dungu ne na kuturta ba; injin casar masara da na niƙa sun ci yatsun mutane da dama. In marubucin farko da ido kawai ya yanke hukunci, gyaran da ya fi aminci shi ne "waɗanda suka rasa yatsu".

"Bebaye" ta fi wuyar sha'ani, kuma ba zan ce haramtacciya ce ba. Hausawa da yawa suna bambantawa: kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe kuwa wanda ba ya ji kuma ba ya magana da baki. Har yaren da ake yi da hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000 da sunan Maganar Hannu, wasu kan kira shi maganar bebaye. Amma a jimlar da ke gabanmu kalmar ba ta dace ba. Makarantar gwamnati da ke Malumfashi ta kurame ce, abin da ya tara ɗalibanta shi ne rashin ji. A ƙasar nan da sanƙarau da ƙyanda suka sha kurmantar da yara bayan sun riga sun iya magana, ba a rasa waɗanda ke furta kalmomi sarai a cikin irin wannan makaranta. Waɗanda aka haifa da kurumta ma, galibi maƙogwaronsu da harshensu lafiya lau suke, sautin da za su kwaikwaya ne ba su taɓa ji ba. Bugu da ƙari, kalmar bebe tana jan wata ma'ana a bayanta, ta wanda ba shi da abin faɗa, alhali yaran suna hira, suna gardama, suna ba'a da hannuwansu. Saboda haka "kurame" ta fi gaskiya, kuma ita ce sunan da aka san makarantun da shi.

Sai "nakasassu". Nan nahawu ne ya yi hukunci. Nakasasshe siga ɗaya ce da fasasshe, lalatacce, ruɓaɓɓe, wato sifar abin da aikin ya gama da shi baki ɗaya. "Mai nakasa" kuwa mutum ne da yake da wani abu, kamar mai gona ko mai iyali. Harafi kaɗan ne tsakaninsu, amma kunnen Bahaushe yana jin tazarar.

Wani zai tambaya, me ya hana a tafi kai tsaye ga "masu buƙata ta musamman", tunda ita ce ke tashe a gidajen rediyo? Ina da ja a kanta. Mace mai ciki tana da buƙata ta musamman, haka ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensa a Faskari, haka tsoho mai ciwon suga. Idan jimla ta ce masu buƙata ta musamman sun taru a tasha, mai karatu bai san ko tudun hawa keken guragu ake nema ba, ko tafintan maganar hannu, ko rubutun makafi. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Haƙƙi irin wannan yana buƙatar a san mai shi da suna. Ba na cewa a kori kalmar daga Hausa. Wasu masu nakasar da kansu sun fi son ta, kuma idan haka ƙungiya ta kira kanta, haka za a rubuta. Amma ba ta isa ta haɗiye sauran kalmomin duka ba.

"Makafi" kuwa ni ban ga abin gyara a cikinta ba. Sunan hali ne, kuma masu shi suna kiran kansu da shi ba tare da jin nauyi ba. Sarkin Makafi sarauta ce da garuruwan Hausa suka daɗe da ita, kamar Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kuma ba a sauya wa mutum sarautarsa a teburin edita. Haka maganar da ke cikin baka biyu: abin da mutum ya faɗa nasa ne, ko da kalmar ta yi wa edita ɗaci. In ta yi muni ƙwarai, a cire ta gaba ɗaya ko a ba da ma'anarta a fili cewa taƙaitawa aka yi, amma kada a sa masa a baki abin da bai furta ba. "Guragu" tana tsakiya. A suna da sarauta a bar ta. A muryar marubuci, inda aka san dalili, gara a faɗe shi, a ce wanda shan-inna ta shanye wa ƙafa ko wanda ya rasa ƙafa a haɗarin mota.

Abin da na'ura ba za ta taɓa kamowa ba shi ne mafi muni a sakin layin, domin babu kalmar nakasa ko ɗaya a cikinsa: "waɗannan bayin Allah abin tausayi", da kuma "kowa da ƙoƙon bararsa". Na farkon ra'ayin marubuci ne da ya mai da ɗalibai abin sadaka, ana iya cire shi ba a rasa wani labari ba. Na biyun sai an yi hattara. Idan bara marubucin ya gani, bara za a rubuta. Goge ta ƙarya ce, kuma rufa wa hukuma asiri ne. Abin da za a gyara shi ne kuɗin goron da ya nuna kamar duk mai nakasa a garin mabaraci ne, alhali maganar ta waɗanda ke bakin tasha ce kawai. Ga yadda sakin layin zai koma:

"Ranar kasuwar Funtuwa wasu masu nakasa kan taru a bakin tasha suna bara, cikinsu har da makafi, da masu nakasar ƙafa, da waɗanda cutar kuturta ta shafa. Sarkin Makafi ya ce, 'Mu makafi ba a tunawa da mu sai da azumi.' A Malumfashi kuwa gwamnati ta buɗe makarantar kurame."

Akwai masu cewa duk wannan wasa da kalmomi ne, tunda sabuwar kalma ma ba ta daɗewa sai ta ɗauki warin tsohuwar, kuma sauya suna bai taɓa saya wa kowa keke ba. Rabin farko gaskiya ne, shi ya sa ban dogara da taushin kalma ba. Ma'aunin da na bi shi ne ko kalmar ta faɗi gaskiya game da mutumin, kuma wannan ba ya tsufa da yayi.

Saura batun amana. Kwafin asali ba a taɓa shi. Shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, shaida ce ta yadda ake magana a zamaninsu, mai bincike kuma yana buƙatarsu yadda suke. Gyara na sabon bugu ne kaɗai, kuma a sanar da mai karatu da layi biyu a ƙasa: shekarar da aka fara buga maƙalar, ranar da aka gyara ta, da cewa kalmomin da suka shafi nakasa aka sauya, ba a taɓa alƙaluma ko maganganun mutane ba. In marubucin yana raye a nuna masa kafin a buga. In kuma ana shakkar wata kalma, reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, JONAPWD, na jiha ko malaman makarantar Malumfashi sun fi kowane ƙamus sanin wadda mutanensu ke karɓa.