A haɗa su a kan mara lafiya ɗaya tun suna makaranta

Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana cewa ma'aikatan asibiti ba sa jituwa, kamar abin daga sama ya faɗo. Mu muka raine su a haka. Ɗalibin likitanci yana ajinsa, ɗalibar aikin jinya tana nata, mai koyon harhaɗa magunguna yana can wani gini. Shekaru suna karatu ba su taɓa zama kan katin mara lafiya ɗaya ba, sai ranar da aka kawo wata daga Daura ta ƙasar Karaye, ko daga wani ƙauyen Rogo, tana jijjiga cikin dare, sannan a ce su haɗa kai. Da yaushe suka koya?

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin koyar da ɗaliban fannonin lafiya tare. Jami'ar Bayero tana da fannonin nan uku, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba gini ake nema ba. Zaman awa biyu ne, ɗalibai shida, biyu daga kowane fanni, da kati guda. Kada kowa ya kawo mini lacca a babban ɗaki ya kira ta koyo tare.

Ga abin da za a ɗora musu. Yarinya ce mai cikin fari wata tara, jininta ya hau 170 bisa 110, ta yi jijjiga sau biyu a hanya. Ɗalibin likitanci zai gane ciwon, ya rubuta maganiziyam salfet: giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, daga nan giram 5 duk bayan awa huɗu. Rubutu ya yi daidai. Amma kwalbar da ke hannu mai ƙarfin kashi 50 cikin ɗari ce, ba a zuba ta a jijiya haka nan. Nan ɗalibin magunguna zai buɗe baki: a ja mil 8, a ƙara ruwan allura mil 12, ya zama mil 20 mai ƙarfin kashi 20. Ya faɗa da baki, nas ta maimaita kafin ta ja. Nas kuma ta kwantar da yarinyar a gefen hagu, ta sa robar fitsari, ta rubuta lokacin allura.

Sai malami ya tura agogo gaba da awa takwas, ya miƙa wa ɗalibar jinya ita kaɗai wata 'yar takarda. Fitsarin awa huɗun baya mil 60 ne kacal, alhali ana son ya kai 100 aƙalla. Numfashi ya sauko 12 a minti. An buga ƙasan gwiwa, ƙafa ba ta zabura ba. Ga kuma katin yana cewa lokacin allura ta gaba ya yi.

Wannan shi ne darasin gaba ɗaya. Ƙoda ce ke fitar da maganin nan, idan fitsari ya ja baya sai ya taru a jini, ya fara da kashe zaburar gwiwa, ya ƙare da tsayar da numfashi. Nas ce kaɗai ta ga alamun, don ita ce a bakin gado. To za ta iya duban wanda ya rubuta ta ce, “Likita, ba zan yi allurar nan ba, ga dalilina”? Shi zai saurara, ko zai ce wa ya tambaye ta? Shi kuwa na magunguna, ya tabbatar tun farko akwai kalsiyam gulukonet a ɗakin, giram 1, wato mil 10 na mai kashi 10, ko yana kulle a sito mai makulli ya tafi gida? Malami ya yi shiru ya bar su, har kuskuren ya fito fili. Gara ya fito a kan takarda da ya fito a kan 'yar mutane.

Rabin awa na ƙarshe a zauna a bi abin da ya faru: wa ya san me, a wane minti, me ya hana shi faɗa. Maki kuma ɗaya ne ga dukan shidan. Idan an yi allurar da bai kamata ba, duka sun faɗi, har wanda ya gane ya ja bakinsa.

Na san me za a ce: jadawali ya cika, kalandar fannonin ba ɗaya ba ce. Wannan ba hujja ba ce, girman kai ne na manya, irin wanda muke gani a takun-saƙar ƙungiyar likitoci da ta sauran ma'aikatan lafiya. Shugabannin tsangayoyin nan su zauna su ware rana ɗaya a zangon karatu, su sa zaman cikin abin da ake ci ko a faɗi, kafin a tura yaran nan asibitocin Karaye da Rogo, inda sau da yawa babu wani babba a kusa da zai gyara musu.