Ƙirgar ba-zata ba cin mutunci ba ce

A makarantar da nake koyarwa kusa da Sinnar, wadda tsofaffinmu har yau suke kira Makwar, akwai ƙaramin asusu na alli, ruwan sha da kuɗin mota, abin da a Larabcin ofis ake ce wa nasriyya. Da kwamitin iyaye ya ce za a riƙa ƙirga shi ba tare da sanarwa ba, wani dattijo ya ce: "Haba malam, wannan ai kiran mutum ɓarawo ne." Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Asusun yana da ƙayyadadden adadi. Namu fam 200,000 ne. Ƙa'idar guda ce: a kowane lokaci, tsabar kuɗin da ke cikin akwati haɗe da rasidan abin da aka saya dole su kai wannan adadin. Mai bincike yana zuwa ba a san ranarsa ba, ya ƙirga a gaban mai riƙon kuɗin, ya rubuta takardun kuɗi aji-aji, sannan dukansu biyu su sa hannu. Idan mutum ɗaya ne ke riƙe da asusu biyu, a zama ɗaya ake ƙirga su, don kada a ciko wannan daga wancan.

Ƙirgarmu ta farko, mun sami tsaba 118,000 da rasidai na 74,000. Jimla 192,000, giɓin 8,000 ke nan. Ba wanda ya ɗaga murya. Rasidi yana ɓacewa, kuma mai kalanzir a kasuwa ba ya ba da takarda. Bayan mako uku giɓin ya zama 10,000 cif. Karo na uku 15,000 ne, ana dab da ƙarshen wata. Amma ranar da aka sanar tun da wuri cewa za a duba, ko fam ɗaya bai yi ciwon kai ba.

A nan ne masu binciken cikin gida suke karanta abin da mu ba mu gani. Kuskuren lissafi na gaskiya yana faɗawa ta kowane gefe: yau a rasa kaɗan, gobe a sami rara. Idan kullum rashi ne, kuma adadin cif-cif ne, kuma yana girma lokacin da aljihu ya bushe, sannan ya warke ranar da aka san da zuwan baƙo, to alamar tana nuna ana cin bashi daga akwatin ana mayarwa. Shi ya sa ƙirgar da aka sanar ba ta da amfani. Abin da take gwadawa kawai shi ne ko mutum zai iya samo aro kafin safiya.

Sai dai ƙwararren mai bincike ba ya rubuta "ya yi sata". Ƙirga tana tabbatar da cewa kuɗi ba su cika ba, ba ta faɗin inda suka tafi. Abin da yake rubutawa shi ne tsarin tsaro ya gaza, kuma mai sa ido bai ɗauki mataki ba bayan giɓin farko. Daga nan yana faɗaɗa dubawa zuwa sauran kuɗin da ke bi ta hannun nan, domin wurin da ake sakaci da 10,000 ba a sake jiki da miliyansa.

Namu da aka bi diddigi, ga abin da ya fito. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma Bankak, manhajar Bankin Khartoum. Malamai kan zo wa ma'ajin da roƙo: ba ni tsaba, in tura maka. Kuɗin sai su shiga asusunsa na kansa, akwati kuwa ya rage. Wasu ma ko turawar ba su yi ba, "sai albashi". Kunya ta hana shi cewa a'a, ga makullin yana yawo a hannun mutum uku. Da ba a ƙirga ba, ranar da abin ya taru shi kaɗai za a nuna da yatsa.

Masu cewa ƙirga tana ɓata zumunci suna da gaskiya a abu ɗaya: idan mutum guda ake yi wa ita, ko a gaban ɗalibai, to wulaƙanci ce. Maganin shi ne ta zama doka a kan duk mai riƙe da kuɗi, har da shugaban makaranta.

Mun tsayar da makulli ɗaya a hannun mutum ɗaya. Takardar "zan biya" ba ta zama kuɗi a ranar ƙirga. Rasidin da aka biya ana rubuta masa "an biya" don kada ya dawo karo na biyu. Yanzu idan aka zo wa ma'aji da roƙo, amsarsa a shirye take: "Ka yi haƙuri malam, ban san ranar da za su zo ba."