Daga CBEX zuwa rukunonin Telegram: ina ribar take fitowa?

A watan Afrilun 2025 dubban mutane a Najeriya suka buɗe manhajar CBEX suka tarar ba su iya cire ko sisi, daga baya ma wasu suka ga asusunsu ya koma sifili. Dandalin ya yi musu alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 ta hanyar cinikin kirifto. A Ibadan, mutane cikin fushi suka fasa ofishinsa suka kwashe abin da suka samu. Hukumar SEC mai kula da zuba jari a Najeriya ta ce dandalin ba shi da rajista a wurinta, EFCC kuma ta shiga bincike.

Mu da ke maƙwabtaka kada mu ɗauka abin na Najeriya ne kaɗai. Benin ta sha irin wannan a 2010 da ICC Services, Kamaru ta ga na MIDA a Yawunde a 2018, a 2018 ɗin kuma hukumomin Ghana suka dakatar da Menzgold mai biyan wata riba kowane wata da sunan cinikin zinariya. Ga shi yanzu ba a buƙatar ofis. Saƙo ɗaya daga wani ɗan uwa a Kano ko Kwatano ya isa ya shigo da abin cikin zauren WhatsApp na ɗalibanmu.

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin hana wani shiga ya san amsar da ake ba shi: “Ai wane ya saka, kuma an biya shi, na gani da idona.” Gaskiya ne an biya shi. Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne, da kuɗin wa aka biya shi?

Mu ɗauki misali da kuɗin sefa. Mutum 100 suka saka jikka 50 kowane, mai tsarin ya tara miliyan 5. Ƙarshen wata allon wayar kowa ya nuna jikka 100, wato bashin da ke kansa ya zama miliyan 10, alhali bai sayi komai ba, bai sayar da komai ba. To amma ba duka ne za su cire ba. A ce 20 suka cire, ya biya su miliyan 2 daga cikin kuɗin jama'a. Sauran 80 suka bar nasu don ya ƙara ninkuwa. A hannunsa akwai miliyan 3, a allo ana binsa miliyan 8. Waɗannan 20 da aka biya su ne tallarsa, kuma talla ce mai araha, domin kowannensu zai nuna wa iyalinsa da abokan sallarsa saƙon shigar kuɗi. A wata na biyu mutum 400 suka shigo da miliyan 20. Yanzu yana riƙe da miliyan 23, amma ƙarshen wata allo zai ce ana binsa miliyan 56. Ramin ya tashi daga miliyan 5 zuwa 33 cikin wata guda, kuma a daidai lokacin ne kowa ke cewa harka tana tafiya lafiya.

Daga nan hanya biyu ce ta rage masa. Ko ya gudu lokacin da kuɗin hannunsa suka fi yawa, ko ya jira ranar da masu cirewa za su fi masu sakawa. Shi ya sa irin waɗannan tsare-tsare kan tsaya dab da lokacin da jama'a ke buƙatar kuɗinsu. MMM, wanda ya yi wa 'yan Najeriya alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ya daskarar da asusu a Disambar 2016, ana shirin bukukuwan ƙarshen shekara. A wurinmu sai a kula da jajibirin sallar layya da lokacin komawa makaranta.

Akwai lissafin da ɗalibin firamare zai iya yi kafin a kai ga haka. Jikka 10 idan tana ninkuwa duk wata, a shekara ɗaya ta haura miliyan 40, a shekara biyu ta haura biliyan 160. Wanda ke da irin wannan sana'a me zai yi da jikka 10 ɗin mai sayar da ƙosai? Me ya sa yake ba ka lada in ka kawo mutum uku? Ɗan kasuwar gaske yana neman masu sayen hajarsa. Wanda ya fi damuwa da sababbin masu zuba kuɗi, to su ne hajar.

Kafin rufewa akwai alamun da kan bayyana. Cire kuɗin da ake yi cikin minti biyar sai ya koma kwana uku, a ce ana gyaran manhaja ko an yi musu kutse. Sai a fito da garaɓasa ta musamman ga wanda ya ƙara jari a wannan mako. Sai mai kula da rukuni ya fara goge saƙon duk wanda ya yi ƙorafi, ko ya rufe rukunin ya zama shi kaɗai ke magana. A CBEX, bayan an hana cirewa an nemi mutane su biya dala 100 ko 200 ta Amurka da sunan tantance asusu. Wanda ya biya ya ƙara asara ne a kan asara.

Takardu ma suna ruɗin mutane. Za a nuna maka shaidar rajistar kamfani, CAC a Najeriya ko RCCM a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci. Wannan takarda tana nuna an rubuta sunan kamfani ne kawai, kamar yadda mai shagon ɗinki ma zai iya yi. Izinin karɓar kuɗin jama'a don zuba jari wani abu ne dabam, kuma masu ba da shi su ne AMF-UMOA a yankin da Nijar da Benin suke, COSUMAF a Kamaru da Cadi, SEC a Ghana da Najeriya. A nemi sunan kamfanin a jerin hukumar da kanta, kada a dogara da hoton da mai talla ya turo.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan. Sau da yawa abin yana shigowa ne ta hannun mutumin kirki, wanda ake gani a sahun farko, wanda shi ma bai san rami ne ba. Wani lokaci har a liƙa masa sunan mudaraba don hankali ya kwanta. Amma a mudaraba ana raba ribar da aka samu ne bisa kaso, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku, kuma idan an faɗi ba da sakaci ba, mai dukiya ne ke ɗaukar asarar. Da zarar an ce uwar kuɗinka tana nan daram, kuma ga adadin da za ka karɓa ranar kaza, malaman fiƙihu ba su kiran wannan mudaraba. Bashi ne da ya jawo ƙari. Shi kuma mai cewa “na san zai rushe, zan shiga da wuri in fita”, ya duba misalin da ya gabata. Jikka 50 da ya ci, kuɗin maƙwabcinsa ne da ya shigo bayansa.

Kyautar bogi ba ta da wannan dogon zango, bugu ɗaya ce. A ranar 15 ga Yulin 2020 wasu matasa suka kutsa cikin shafukan Twitter na Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk, suka rubuta cewa duk wanda ya turo bitcoin za a mayar masa ninki biyu. Cikin 'yan sa'o'i an tura musu fiye da dala dubu 100. Shafukan na gaske ne, alkawarin ne ƙarya, don haka ganin sunan babban mutum ba hujja ba ce. Tamu irin takan zo da azumi: tallafin Ramadan, kujerar Hajji kyauta, ko data daga kamfanin waya. A ce ka tura wa rukuni biyar, sannan ka biya ɗan kuɗin rajista, ko ka karanto lambobi shida da suka shigo wayarka. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne, kuma da sunanka za a roƙi 'yan uwanka kuɗi gobe. Mai kyauta ba ya cewa ka fara ba shi.

Rukunonin hura farashi sun fi kama ɗalibai, domin a nan ba wanda ya karɓi kuɗinka kai tsaye, kai da kanka kake saye a kasuwa. Ga yadda abin ke tafiya. Masu rukunin Telegram sukan zaɓi wani ƙaramin kuɗin kirifto da ba a cinikinsa sosai, wanda saye kaɗan ke motsa farashinsa. A ce sun tara guda miliyan ɗaya a ɓoye a kan sefa 10, sun kashe miliyan 10. Sai su sanar cewa ƙarfe 5 na yamma za a faɗi sunan abin da zai tashi, kowa ya shirya. Ana faɗa, ɗaruruwan mutane su afka saye, farashi ya kai 40 cikin mintuna. Wa ke sayar musu? Masu rukunin. Idan sun zubar da nasu a kan 25 a matsakaici, sun karɓi miliyan 25, ribarsu miliyan 15. Da masu saye suka ƙare, farashi ya faɗo 8. Ɗalibin da ya saka jikka 70 a kan 35 ya samu guda 2,000, yanzu darajarsu jikka 16. A rukuni kuwa ana ta rubuta masa ya riƙe, kada ya sayar, zagaye na biyu na zuwa, domin su samu su ƙarasa zubar da ragowar nasu.

Kasuwanninmu sun san wannan tun kafin waya. Shi ne abin da ake yi a kara, abokin mai rago ya riƙa taya shi da tsada ba da niyyar saye ba, don baƙo ya ji ya ƙara. Sunansa najashi a fiƙihu, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Bambancin kawai, a kara kana komawa gida da rago ko da ka saya da tsada. A nan wani lokaci ko sayarwa ba ka iyawa: kuɗin da aka raɗa wa sunan Squid Game a 2021 ya haura dala 2,800, masu saye suka tarar an tsara shi yadda ba su iya sayarwa, sannan masu shi suka kwashe kuɗin ya koma kusan sifili.

Wanda ya riga ya faɗa, ya daina ƙara ko dala. Ya adana hotunan saƙonni, lambobin da ya tura wa kuɗi da rasiɗai, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, ya kuma sanar da waɗanda ya jawo, ko da da kunya. Sannan ya sa ran wani kira, domin sunayen waɗanda aka damfara suna yawo a hannun 'yan damfara. Wani zai bugo ya ce shi lauya ne ko masanin kwamfuta, zai dawo da kuɗin idan an ba shi kafin alƙalami. Kirifton da aka tura ba ya dawowa da danna maɓalli, kuma hukumomin bincike ba sa neman kuɗi ta WhatsApp kafin su karɓi ƙara.