Gaisuwa ta jira, labari ya fara shiga

Mu 'yan kulob ɗin jarida muna da ra'ayi a kan yadda ake fara rubutu a Facebook da WhatsApp, ko da wasu malamanmu ba za su yarda da mu ba. A ganinmu doguwar gaisuwa ba wurinta ba ne a layin farko.

Dalili kuwa, mai riƙe da waya ba karatu yake yi ba, jan allo yake da yatsa. Idan rubutu ya yi tsawo, Facebook yakan nuna layuka kaɗan na sama, ya ɓoye sauran a bayan See more. Wanda bai taɓa wurin ba, bai ga komai ba.

A ce an tsinci yaro a kasuwar Getso. Mai cigiya ya fara da: "'Yan uwa da abokan arziki, barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya, ya gida, ya aiki..." Kafin ya kai ga yaron, an yanke rubutun. Maƙwabciyar uwar yaron ma za ta iya wucewa ba ta sani ba.

Ga yadda muke so a rubuta: "An tsinci yaro ɗan kimanin shekara 4 a kasuwar Getso yau da yamma, sanye da jar riga." A jimla ɗaya an faɗi abin da ya faru, da wurin, da lokacin. Sunan garin shi ne ya fi aiki. Mutumin Gwarzo ko na Kabo da ya ga Getso, yatsansa zai tsaya, domin ƙila yana da dangi a can. Da an rubuta "a wata kasuwa", kowa zai ɗauka Legas ake nufi. Bayan wannan sai a faɗi inda za a samu yaron, sannan a gaisa yadda ake so.

Wani zai ce rashin ladabi ne. Ba mu ce a daina sallama ba, gajeriya ce, ba ta cin wuri. Tambayar gida da gajiya ce muke so ta koma ƙasa.

Amma akwai masu tsayar da mutane da dabarar da ba mu so. Su ne masu fara wa da "Da ɗumi-ɗumi!" ko "Abin da ya faru a Kabo zai ba ka mamaki", ka buɗe ka tarar tallan takalma ne. Sau biyu za a yi wa mutum haka, na uku ko da gaske ne ba zai buɗe ba.

Mu kan gwada layinmu kafin mu manna shi a wannan allo. Mu rufe sauran rubutun da hannu, mu nuna wa ɗan aji ɗaya layin farko kawai, mu tambaye shi me ya faru, kuma a ina. Idan ya yi shiru yana kallonmu, sai mu koma mu sake rubutawa.