In sun ce "kana da tambaya?", kada ka ce babu

A ƙarshen ganawar ɗaukar aiki, da yawanmu sai mu ce "babu tambaya", wai ladabi ne. Alhali nan ne kaɗai damarka ta sanin inda za ka sa ƙafa.

Mu ce wata ONG a Maradi tana neman mai wayar da kai a ƙauyuka, albashi jika 150.

Fara da gurbin: "Wa ya riƙe shi kafin ni, kuma me ya sa ya tafi?" In sabon gurbi ne, tambayi ranar da kuɗin furojen za su ƙare, don kwantiragin CDD ba ya cika wuce ranar. Sannan wa ke biyan man babur? In daga aljihunka za a zuba jika 40 kowane wata, albashinka jika 110 ne. Za su yi maka rajista a CNSS? Wannan wajibi ne kan mai ɗaukar aiki, ba alfarma ba.

Sai abokan aiki: "Mutum nawa ne, kuma nawa suka wuce shekara guda?" In duk sababbi ne a tsohon furoje, akwai abin da ke korar mutane.

Sai shugabanka: "Bayan wata 3, da me za ku auna aikina?" Wanda ya san aikinsa zai ce ƙauyuka kaza, rahoto kaza. Wanda ya ce "nan gida ɗaya muke, kowa yana yin komai", to shirya ma aikin Asabar da Lahadi.

In waɗannan tambayoyi sun ɓata musu rai tun yau, ya za ta kasance ranar da albashi ya makara?