A Rage Hasken Waya Kafin A Nemi Tabarau

Jama'a, a daure a saurara. Da zarar an ɗauke wuta bayan sallar isha'i, gidajenmu kan koma duhu ƙirin, abin da ke haske kawai shi ne fuskokin masu riƙe da waya. Wayar da aka ƙure wa haske da azahar domin a iya karanta saƙo a tsakiyar kasuwa, ita ce ake kwanciya da ita a haka, a kafe ta taƙi ɗaya daga hanci. Gari ya waye ido na raɗaɗi, kai na sarawa, sai a ɗora wa "shuɗin haske" laifi, a tafi neman tabarau mai kare shi. Laifin yana wani wuri, kuma gyaransa kyauta ne.

Ku fara da ƙarfin hasken, domin shi ne uban tafiyar. A cikin duhu, ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana buɗewa sosai don ta tattara ɗan hasken da ke akwai. Idan ka haska mata farin allo mai ƙarfi, sai ta tsuke. Ka ɗaga kai ka dubi ɗaki, ta sake buɗewa. Wannan kai-komo, tare da ƙanƙance ido, su ke gajiyar da mutum. Ma'aunin da za ka bi mai sauƙi ne: ka ajiye farar takarda kusa da wayar. Idan farin allon ya fi takardar haske har yana haska bargo kamar tocila, ya yi yawa. Ja sandar Brightness baya har su yi kusan daidai. Idan ka kai ta ƙarshe amma har yanzu tana kashe ido, wayoyin Android 12 zuwa sama da dama suna da Extra dim a ƙarƙashin Accessibility, masu iPhone kuma suna da Reduce White Point.

Amma fa gwajin takarda ba ya yiwuwa a ɗakin da babu fitila ko ɗaya, kuma nan ne kira na ya fi ƙarfi. Kada waya ta zama ita kaɗai ce hasken ɗakinka! Kunna 'yar fitilar caji ko ta sola, ka juya ta ta fuskanci bango, hasken ya bazu a hankali. Kada ka ajiye ta inda za ta haska idonka kai tsaye ko ta yi ƙyalli a kan gilashin wayar. A shekarar 2016 likitoci a Landan suka ba da rahoton wasu mata biyu da suka riƙa daina gani da ido ɗaya na 'yan mintuna, har aka yi musu gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da zuciya. Ashe kwanciya suke yi a gefe cikin duhu, matashin kai ya rufe ido ɗaya, ɗayan yana kallon waya. Ido guda ya saba da haske, guda ya saba da duhu, da aka ajiye wayar sai wanda ya sha haske ya zama kamar ya makance. Abin yana wucewa da kansa, amma wa ke son wannan fargabar da tsakar dare?

Sai batun bambancin rubutu da abin da ke bayansa. Mutane da yawa suna rage haske har rubutu ya dushe, sannan su matso da wayar kusa da ido. An gudu ba a tsira ba ke nan. A rage haske, amma harafi ya fito sarai. Ga ɗalibar da ke shirin jarrabawar JAMB, tana bitar darasi a wayar Tecno da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ta kunna Dark mode, manhajar hira ta koma baƙa, amma littafin PDF ɗin da take karantawa yana nan fari fat, saboda shafinsa ba ya bin wannan saiti. Abin da ya kamace ta shi ne ta duba cikin manhajar karatun ta zaɓi launin shafi mai kama da tsohuwar takarda, ta ƙara girman rubutu, ta janye wayar zuwa kamar kamu ɗaya daga fuska, sannan ta rage hasken. Kuma ta sani cewa idan allon wayarta LCD ne, akwai fitila a bayansa da ke ci ko da shafin baƙi ne, don haka Dark mode bai ɗauke mata rage Brightness ba. A allon AMOLED ne baƙi ke zama baƙi na gaske. Wani kuma, musamman mai matsalar ido da ke sa haske ya tarwatse masa, zai ga farin harafi a kan baƙi yana yin inuwa-inuwa. Irin wannan ya koma baƙin rubutu a kan shafi mai laushin launi, kada ya takura wa kansa don yayi.

Yanzu mu zo ga matatar shuɗin hasken da ake ta yayatawa. Apple ta kawo Night Shift a 2016, Windows 10 ta samu Night light a 2017, Samsung na kiran nata Eye comfort shield, Tecno da Infinix kuma Eye Care. Aikinsu ɗaya: su rage shuɗi, allon ya koma ruwan ɗorawa. Hujjarsu tana da tushe, domin haske da dare, musamman mai shuɗi, yana jinkirta sinadarin melatonin da ke shaida wa jiki lokacin barci ya yi. A kunna ta, a saita ta ta fara da kanta daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, a tsayar da ƙarfinta a tsakiya don kada launin ya yi yawa har rubutu ya dushe. Tela mai zaɓen launin yadi a hoto, da mai sayar da atamfa ta waya, su kashe ta lokacin ciniki, in ba haka ba za a aika wa amarya abin da ba ta zaɓa ba.

Sai dai kada a ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. A 2021 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun gwada matasa 167, suka tarar barcin masu kunna Night Shift bai fi na waɗanda ba su kunna ba. A 2023 kuma ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi kan tabarau masu tace shuɗi, ba ta ga alamar suna rage gajiyar ido ba. Raɗaɗin da kake ji yawanci bushewa ce: mai kallon allo yana rage ƙifta ido da kusan rabi, ga iskar fanka, ga ƙurar hunturu. Don haka duk bayan minti 20 ka ɗaga kai, ka dubi abin da ke nesa da kai kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ka ƙifta da gangan.

Iyaye, ku karɓi wayar da yaro ke kallo cikin gidan sauro ku duba saitinta. Matasa, ku gyara wa tsofaffinku wayar da suke karatun Alƙur'ani da ita kafin asuba, ku ƙara musu girman harafi. Wanda kuma ya yi duk wannan na mako biyu amma ciwon kai bai tafi ba, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko zobe kewaye da fitila, to ya bar taɓa saiti, ya nufi asibitin ido a auna shi. Daren yau, kafin ku kwanta, ku kunna fitila ku ja sandar hasken nan baya.